Yadda Ake Gane Yoyon Sifektiram da Yadda Ake Rage Shi

Lissafin FFT yana karɓar samfura N da aka ɗiba daga sigina, ya fito da sifektiram, wato jadawalin da ke nuna ƙarfin kowane saurin kaɗawa da ke cikin siginar. Guntun lokacin da aka ɗiba shi ake kira taga. Lissafin bai san abin da ke wajen tagar ba, don haka yana ɗaukar guntun kamar yana maimaita kansa har abada, ƙarshensa na haɗe da farkonsa. Idan igiyar sain ta cika zagayenta cif a cikin tagar, mahaɗar ba ta da tabo, kuma ƙarfinta duka yana zama a gurbi ɗaya. Idan kuwa tagar ta yanke ta a tsakiyar zagaye, sai a sami tsalle a mahaɗar, kamar atamfar da aka yanka a tsakiyar zane aka ɗinke bakinta biyu. Igiya ɗaya ba ta iya siffanta wannan tsalle, sai ƙarfin ya malala zuwa gurabe da yawa. Wannan malala ita ce yoyo.

Mataki na farko shi ne a lissafa tazarar gurabe. Ana raba yawan samfuran da ake ɗiba a sakan ɗaya, fs, da N. A ɗauki misalin mai auna wutar janareta. Wutar gida a Nijeriya da Nijar 50 Hz ce, wato zagaye 50 a sakan. Idan fs 1000 ce, N kuma 200, tsawon tagar sakan 0.2 ne, tazarar gurabe kuma 5 Hz. Gurbi na 10 yana kan 50 Hz, na 11 yana kan 55 Hz, babu wani gurbi a tsakani.

Na biyu, a ƙirga zagayen da suka shiga tagar, k, daga saurin kaɗawar igiyar, f0:

```
k = f0 * N / fs
```

Da wuta mai 50 Hz cif, k ya zama 10, kuma gurbi na 10 kaɗai zai tashi. Amma ƙaramin janareta da ba a ɗora masa kaya ba yakan ɗan haura 50. A ce ya kai 52.5 Hz. Yanzu k ya zama 10.5, zagaye goma da rabi, kuma babu inda yoyo ya fi muni kamar nan, domin igiyar ta faɗa tsakiyar gurabe biyu sak.

Na uku, a gwada a kwamfuta kafin a taɓa ainihin awo:

```python
import numpy as np
from scipy.signal import get_window
fs, N, f0 = 1000, 200, 52.5
x = np.sin(2*np.pi*f0*np.arange(N)/fs)
w = get_window("boxcar", N)
X = 2*np.abs(np.fft.rfft(x*w))/w.sum()
```

Tsayin igiyar da aka saka 1 ne, amma babu gurbin da zai nuna 1. Na 10 da na 11 za su nuna kusan 0.64 kowanne, na 9 da na 12 kusan 0.21, na 8 da na 13 kusan 0.13, haka ake ta sauka a hankali har ƙarshen jadawalin. Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko, tsayin da aka karanta ya gaza na gaskiya da fiye da sulusi, kimanin 3.9 dB. Ta biyu ta fi haɗari saboda ba ta fiye bayyana ba: jelar yoyon tana binne ƙananan sigina da ke nesa. Hamonik na uku na wannan wuta yana kan 157.5 Hz, kusa da gurbi na 31, kuma yoyon babbar igiyar a wurin ya kai kusan kashi 1 cikin 100. Idan hamonik ɗin kansa kashi 1 ne, abin da za a karanta cakuɗe ne da ba a dogara da shi.

Alamar yoyo ita ce ƙololuwa mai faɗin gindi da ke gangarowa sumul ta ɓangarori biyu. Hayaniya ba ta da wannan tsari, tsalle-tsalle take yi. Don a tabbatar, sai a sauya N kaɗan a sake lissafi. Idan gindin ya kumbura ko ya tsuke, daga taga matsalar take, siginar lafiyarta lau.

Na huɗu, idan an san saurin kaɗawar, a daidaita tagar da shi. Wannan ne kaɗai maganin da ke kawar da yoyo gaba ɗaya, kuma shi ya kamata a fara nema. A misalin nan, mayar da N zuwa 400 yana ba da zagaye 21 cif, sai igiyar ta zauna a gurbi na 21 da tsayinta 1. Ƙa'idar IEC 61000-4-7 ta awon hamonik a wutar lantarki ta bi wannan hanya: taga ta zagaye 10 a wuta mai 50 Hz, ko 12 a mai 60 Hz, tana bin saurin wutar yayin da yake motsi. Iyakar dabarar a fili take. Kuskure kaɗan ma yana barin tabo: da 50.5 Hz a tagar samfura 200, k ya zama 10.1, kuma gurbi na 11 ya riga ya ɗauki kusan 0.11. Haka nan idan sigina na ɗauke da igiyoyin da ba ninkin juna ba ne, da wuya taga ɗaya ta dace da su duka.

Na biyar, idan daidaitawa ta gagara, a lallaɓa bakin tagar. Ana ninka samfuran da wani lanƙwasasshen ma'auni da ke farawa daga sifili, ya hau zuwa 1 a tsakiya, ya sake gangarowa, ta yadda tsallen mahaɗa zai ɓace. Wadda aka fi amfani da ita ita ce tagar Hann, mai sunan Julius von Hann, masanin yanayi ɗan Ostiriya. A lambar da ke sama, sai a sauya "boxcar" da "hann". Gurabe na 10 da na 11 za su nuna kusan 0.85, na 9 da na 12 kusan 0.17, na 8 da na 13 kusan 0.02. A gurbi na 31 yoyon bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba, sai hamonik na uku ya fito sarai. Dalili shi ne jelar tagar Hann tana faɗuwa da 18 dB duk lokacin da nisa ya ninka, ta tagar da ba a lallaɓa ba kuwa 6 dB kacal.

Wannan riba tana da farashi. Ƙololuwar ta ninka faɗi, daga gurabe 2 zuwa 4, har igiyar da ta cika zagayenta cif za ta nuna 0.5 a maƙwabtanta biyu. Igiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya da ke kusa da juna suna iya narkewa su zama ɗaya, kuma maganin wannan ƙara tsawon lokacin ɗiba ne. Sannan tagar tana rage tsayi da rabi, shi ya sa aka raba da w.sum() maimakon N. Wanda ya manta da wannan zai ga awonsa ya gaza da rabi. Idan tsayin igiya ɗaya tak ake nema daidai, "flattop" ta fi dacewa, domin kuskurenta bai kai 0.1 dB ba ko ina igiyar ta faɗa, sai dai ƙololuwarta ta fi faɗi sosai. Fredric Harris ya jera tagogi masu yawa da alƙalumansu a maƙalarsa ta 1978.

Akwai abin da ake yawan ɗauka magani alhali ba shi ba ne: cika bayan samfuran da sifili don N ya kai 1024 ko 4096. Wannan yana ƙara ɗigo a kan zanen, yana taimakawa a gano inda ƙololuwa take da tsayinta, amma yankan da aka yi wa igiyar yana nan yadda yake, jelar yoyo ba ta ragu ba. Idan za a haɗa dabarun biyu, a fara ninka samfura 200 na ainihi da tagar Hann mai tsawon 200, sannan a ƙara sifilin a baya.