Yadda Ake Fassara Kalmar Adalci

In yaro ya tambaye ka mene ne tiya, ba ka da wahala. Ka kama hannunsa ranar kasuwar Dogon Dutsi, ka kai shi wurin masu awon hatsi, ka nuna masa. To, in ya ce mene ne adalci fa? Ba a kasa shi a faifai, balle ka nuna. Dole ka gina shi da kalmomi, kuma kalmomin su fi shi sauƙi.

Da yawa nan suke tuntuɓe. Wani ya ce adalci shi ne halin adili, ya yi zagayen ɗan mage ya komo inda ya taso. Wani ya ce insafi ne, ya ɗauke wa yaro dutse ya aza masa wanda ya fi shi nauyi. Tsoho kuma sai ya kawo labarin Tunguma, dutsen nan na Lugu, garin Sarauniya, da ake kai wa ƙara. Labarin da daɗin ji, amma misali ne. Yaro zai tashi ya san inda ake neman adalci, bai san abin da ake nema ba.

Amsar da ta fi yawa ita ce, "A raba daidai." Kada ka karɓa sai ka gwada ta. Ka ɗauki ƴan ƙwadago biyu a wata gona ta Tibiri. Ɗaya ya nome kunya 30, ɗaya kunya 10, ladan duka jikka 4. In aka ba kowa jikka 2 an raba daidai, amma ko yaron goye ya san an ci zalin na farko. Ma'anar da ta buɗe wa zalunci ƙofa ta yi faɗi.

Sai mu gyara: a ba kowa abin da ya kamata ya samu. Na farko jikka 3, na biyu jikka 1. Saura ɓaraka ɗaya. Mai gona yana iya lissafa wa ɗan ƙanensa kunya gajera, ya lissafa wa baƙo doguwa, kowa ya tafi da "nasa". Don haka a ƙara: da ma'auni ɗaya. Ga abin da muka samu ke nan: adalci shi ne a ba kowa abin da ya kamata ya samu, a auna masa da tiyar da aka auna wa kowa, ba a duba ko ɗan wane ne ba.

Ni dai ban ɓoye maka ba, "ya kamata" ɗin nan bai gama tsayuwa da ƙafarsa ba. Ranar da shanu suka faɗa wa gero a Dallol Mauri, manomi ya ce dami 20 aka ci masa, makiyayi ya ce gonar ce ta cinye burtali, ma'anarmu ba ta ƙirga dami. Iyakarta ta hana mai gari canza tiya tsakaninsu. Ƙirgar kuwa sai dattawa sun taka sun je gonar.