Daga bakin mutum 30 zuwa 40: abin yi da abin bari

Lokacin dashen albasa a Sabon Gida, kin saba dafa wa ma'aikata 30 shinkafa da wake, yau maigida ya ce 40 ne za su shiga fadama. Ki raba 40 da 30: ɗaya da sulusi ke nan, wato 4/3. Duk abin da kike zubawa, ki kasa shi uku, ki ƙara kashi ɗaya a kan na da.

Ki yi lissafin kafin ki hura wuta. Shinkafa tiya 3 ta koma 4. Wake tiya ɗaya da rabi, sulusinsa rabin tiya ne, ya koma tiya 2 cif. Mai rubu'i uku na lita, ki ƙara rubu'i guda, lita ta cika.

Kada ki auna sulusin tiya da ido. Nan aka fi yin ɓarna. Kwano gindinsa a tsuke yake, bakinsa a buɗe, ga kuma tozon da ake yi masa. In kika zuba har sulusin tsayinsa, abin da ke ciki bai kai sulusi ba. Ki juye tiya cikakkiya a faifai, ki kasa ta uku daidai, ki ɗauki kashi ɗaya. Ko ki ƙirga gwangwani nawa ke cika tiyarki, ki raba adadin uku.

In kin ba yaro salula ya buga miki, kada ki yarda ya sa 1,3. Wannan ba ɗaya da sulusi ba ne. Sulusi 0,333 ne, ukun ba ta ƙarewa. Fulawar fanke kilo 3 sau 1,3 giram 3900 ce, alhali kilo 4 ake nema, giram 100 sun tafi. Ya ninka sau 4, sannan ya raba 3. In lallai sai da waƙafi, to 1,33.

Kada ki ga gishiri cokali 2,67 ki tsorata: cokali biyu ne da sulusi biyu. Ki zuba biyu da rabi, ki ɗanɗana, don ƙari na yiwuwa, ragi kuwa babu. Dunƙulen magi 10 zai ba da 13,33. Ki sa 13.

Kada ki ninka lokacin dahuwa. Babbar tukunya takan jima kafin ta tafasa, amma da ta tafasa, wake zai nuna a lokacin da ya saba. Ruwan ma ki rage kaɗan ki ajiye da zafinsa a gefe, domin wanda ke tashi a tururi ba ya bin wannan lissafi.

Ranar da ma'aikata suka koma 30, kada ki cire sulusi. Goma cikin 40 rubu'i ne. In kika cire sulusi daga tiya 4, saura biyu da sulusi biyu, abincin da bai kai na mutum 27 ba, ga mutum 30 sun yini cikin laka suna jiran akushi.