Kundin rancen taki da tsohon sakatare ya bari

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Makoda, inda gona ke manne da gona kuma ƙasa ba ta samun hutu, ƙungiyoyin manoma kan sayo taki a dunƙule, su raba wa membobi bashi, a biya da kaka. Lissafin da a da yake cikin littafi yanzu a wurare da dama yana cikin Excel. Matsala kan taso ne ran da sakataren da ya tsara fayil ɗin ya koma birni, ya bar wa magajinsa alƙaluma ba bayani.

A ɗauka sabon sakatare ya ga an rubuta wa manomin da ya karɓi buhu 4 na yuriya bashin naira 126,000, alhali bana, a misalinmu, an sayo buhu a kan 40,000. Ko ba a sa kuɗin mota ba, ya kamata a ga 160,000. Zuciya za ta ce ya goge ya rubuta daidai. Kada ya yi, domin adadin da aka buga da hannu yakan share dabarar da ke gidan, kuma sauran layukan suna nan da kuskurensu. Ya fara adana kwafi, ya yi bincikensa a kan kwafin, a kwamfuta, don manhajar waya ba ta da yawancin kayan aikin da za a ambata.

A shafin `Formulas` akwai `Show Formulas`, wanda ke bayyana abin da ke ƙarƙashin kowane adadi. Mai yiwuwa ya ga irin wannan:

```
=D2*VLOOKUP(C2,Farashi,2,FALSE)*(1+Kari)
```

Wato a ɗauki yawan buhu daga `D2`, a nemo nau'in takin da ke `C2` cikin wani jadawali mai suna `Farashi`, a ninka, sannan a ɗora wani abu mai suna `Kari`. Waɗannan sunaye biyu tsohon sakatare ne ya raɗa su, kuma `Ctrl+F3` zai buɗe `Name Manager`, inda ake ganin abin da kowane suna ke nufi a ƙarƙashin `Refers To`.

A nan ake samun bakin zaren. `Farashi` na iya nuna `=Taki!$A$2:$B$6`, alhali babu shafi mai suna `Taki` a ƙasan allo: an ɓoye shi. A danna maɓallin dama a kan sunan kowane shafi, a zaɓi `Unhide`. In bai fito a jerin ba, to ɓoyewar mai zurfi ce, sai a danna `Alt+F11`, a zaɓi shafin, a buɗe `Properties` da `F4`, a sauya `Visible` daga `2 - xlSheetVeryHidden` zuwa `-1 - xlSheetVisible`. Ba lalle mugunta ta sa aka ɓoye ba. Sau da yawa gudun kada wani ya taɓa farashi bisa kuskure ne. Ga shi an buɗe, sai a tarar yuriya tana kan 30,000, farashin wata daminar da ta wuce.

Shi kuwa `Kari` ya fi wuyar kamawa, domin suna yana iya riƙe adadi kai tsaye, kamar `=0.05`, ba tare da yana zaune a wani gida ba. Duk neman da za a yi cikin shafuka ba za a gan shi ba sai a `Name Manager`. Buhu 4 sau 30,000, a ƙara kashi 5 cikin 100 na mota da dako, shi ne 126,000 cif. Da an gyara farashin a wuri ɗaya, bashin zai koma 168,000, kuma duk layukan yuriya masu dabarar za su bi. Gibin 42,000 ke nan a kan mutum guda. Ko kashi 5 ɗin yana ɗauke kuɗin mota daga Kano a bana, wannan magana ce ta shugabannin ƙungiya, ba ta sakatare shi kaɗai ba.

Jadawalin `Farashi` kuwa ya tsaya a layi na 6. In aka rubuta sabon nau'in taki a layi na 7, dabarar ba za ta gan shi ba, sai ta fitar da `#N/A`, har sai an faɗaɗa sunan zuwa `$B$7`. Wanda kuma ya share shafin `Taki` yana zaton tarkace ne, `#REF!` zai cika masa kundi, kuma `Ctrl+Z` ba ya dawo da shafin da aka share.

Saura layukan da ba su motsa ba bayan gyara. A zaɓi ginshiƙin bashi, a danna `F5`, sai `Special`, sai `Constants`. Duk gidan da aka buga wa adadi da hannu zai fito fili. Waɗannan kam sai an buga wa tsohon sakatare waya kafin a taɓa su, domin ƙila rangwame ne da taro ya amince a yi wa wanda ruwa ya ci gonarsa. A duba littafin taro da rasit, sannan a buɗe shafi na farko a rubuta kowane suna, inda yake, ranar da aka sauya farashi, da wanda ya ba da izini.