Na Ba 'Yata Shago, Amma Hannuna Ya Ƙi Saki

Malama, ni mai aski ne a Kaduna, a wannan sana'a na yi furfura. Da idona ya fara rauni sai na jawo babbar 'yata. Lissafi na fara ba ta, daga baya makulli. Yanzu ita ke yi wa ƙananan yara aski, samari biyu na yi wa manya. To, ta sayar da janareta ta sa sola da kilifa mai caji, ta hana aski bashi, ta ce kowane kai da sabuwar rezarsa. Ranar Juma'a wani aminina ya zo, yaro ya ce masa sai ya biya. Na tashi na yi masa da kaina, na ce a bar kuɗin. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu da ita. Laifina ne?

Baba mai aski, Kaduna

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar reza kam ka bar mata, gaskiyarta ce. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jinin da ido ba ya gani a bakin reza, kuma ɗan lasar wutar laita da aka saba yi wa kilifa ba ya isa. Sai an kakkaɓe gashin da buroshi, an wanke bakin, an jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙora ma ta bakin reza da kilifa take tsallakawa daga kan wani yaro zuwa na wani. Sola kuwa, ka san yadda fetur ya koma tun da aka janye tallafi a 2023.

Abin da ya dame ni shi ne ranar Juma'ar nan. Karamcinka ga amininka daidai ne, amma a gaban yaran shago ka rushe maganarta. Mace mai riƙe da shagon aski, dama ana jiran a ga inda za ta gaza. Gobe in yaro ya zuba kuɗin aski a aljihu, zai ce ai Baba ne ya yafe, ita kuma ba ta da bakin tambayarka.

Ku zauna a gida, ba a shago ba. Ka lissafa mata dattawan da ba ka son a karɓi kuɗinsu, a buɗe musu shafi a littafi, duk ƙarshen mako a cire daga kasonka. Sannan ka fito fili ka faɗa mata matsayinta: riƙo ka ba ta, ko haya, ko kyauta? In kyauta ce, ka tuntuɓi malami saboda haƙƙin 'yan'uwanta, a rubuta da shaidu tun kana da ƙarfinka. Gobe da safe kuma ka tara yaran nan biyu, ka gaya musu da bakinka cewa kuɗi da farashi a hannunta suke.