Ɗakin Baƙi a Kilomita Biyar

Duk magidancin da Allah Ya hore wa ɗaki na ƙari a unguwar Kilomita Biyar, inda fatake daga Garwa da Ngaundere ke sauka, kuma 'yan'uwan da fitinar 2013 ta tarwatsa suke komowa kaɗan-kaɗan, ya kamata ya auna al'amarin bayar da shi haya kafin ya karɓi kuɗin kowa, domin ijara alƙawari ce mai lazimtawa a mazhabar Malikiyya, ba ya halatta a tashi ɗan haya kafin wa'adinsa don kawai kawu ya iso. Shawarata ita ce a bayar wata-wata, a gaban shaidu biyu, kuma kada a karɓi kuɗin shekara, ko da bukata ta matsa. Wanda zaurensa ke ɗaukar baƙo namiji ya bayar da ɗakin. Wanda baƙinsa mata ne ya bar shi.