Na Aikata, Amma...: Kare Kai, Tilastawa da Taɓin Hankali a Gaban Kotu

Akwai kariyar da wanda ake tuhuma ba zai iya fakewa da ita ba sai ya fara amsa cewa hannunsa ne ya yi aikin. Kare kai, tilastawa da taɓin hankali duk cikin wannan sahu suke. Shi ya sa lauya kan dafe kai in ya buɗe fayil ya tarar a caji ofis mutum ya rantse ba ya ma wurin, ga shi yanzu yana so kotu ta yarda kansa ya kare. Jama'a kan ɗauki ukun nan kamar roƙon sassauci ne, wato a duba halin da mutum ya shiga a tausaya masa. A kundin Final Kod na 1960, wanda jihohin Arewa suka gada, tambayar da ake yi ta fi haka tsauri: a daidai lokacin da aka yi aikin, shin mutumin nan yana da wata mafita? Lambobin sassan da zan ambata na tsohon kundin ne, domin jihohi irin su Kaduna, da ta yi sabon nata a 2017, sun sauya jeri.

A ƙaddara wani manomi na tsakiyar noma sai wani ya auka masa da wuƙa, ya yanke shi a hannu. Suna cikin kokawa manomin ya kai masa sara ɗaya da fartanya, ya faɗi ya mutu. Sashe na 59 zuwa na 67 sun ba shi haƙƙin kare jikinsa, kuma haƙƙin na iya kaiwa ga kisa idan harin na sa mai hankali fargabar mutuwa ko mummunan rauni. To a sauya abu ɗaya: manomin ya ƙwace wuƙar, maharin ya juya da gudu, shi kuma ya bi shi ya cim masa a bakin rafi ya daɓa masa sau uku. Mahari ɗaya ne, rauni ɗaya, tsoro ɗaya, amma kariyar ta faɗi, saboda haɗarin ya gushe tun da aka juya baya. Likitan da ya binciki gawa ne kan warware wannan ba tare da ya je gonar ba: rauni a ƙirji ko a gadon baya, sara ɗaya ko bakwai. Sashe na 62 ya hana yin ɓarna fiye da abin da kariya ke buƙata, na 63 kuma ya janye haƙƙin idan akwai lokacin neman hukuma.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, wanda wuƙa ke kansa ba ya riƙe da sikeli, ga shi a ƙauyuka da yawa ofishin 'yan sanda na da nisan tafiyar sa'o'i. Dokar ba ta rufe ido ga wannan ba. Sashe na 222 ya ce wanda ya wuce iyaka cikin kyakkyawar niyya, ba da shiri ba kuma ba da nufin yin ɓarnar da ta zarce buƙata ba, kisansa ya sauka daga na sashe na 221 mai hukuncin kisa zuwa na sashe na 224, inda alƙali zai iya yanke ɗaurin rai da rai ko ƙasa da haka. Abin da ba za ta lamunta ba shi ne ramuwar gayya ta sa rigar kare kai, don kuwa wanda ya mutu ba zai tashi ya faɗi nasa ba. Ni dai a ganina inda kotuna ke buƙatar taka-tsantsan shi ne saurin cewa "ai da ya gudu", alhali wanda aka yanka a ƙafa ba shi da gudun.

Tilastawa ta fi kare kai ƙunci, kuma dalilin a fili yake: mai kare kai wanda ya kawo masa hari yake bugu, wanda aka tilasta kuwa marar laifi yake cuta. Direban a-daidaita-sahu da fasinjoji suka ɗora wa bindiga a ƙeya suka ce ya kai su shagon da za su fasa, sashe na 57 na iya wanke shi, domin barazanar mutuwa ce nan take. Amma mai shagon ƙauye da 'yan bindiga suka yi wa waya suka ce ya kawo man fetur ranar Juma'a ko su ƙone gidansa, kariyarsa na da rauni ainun. Barazanar ta gobe ce, kuma tsakanin waya da Juma'a doka na ganin akwai ƙofa. Wanda ya shiga ƙungiyar ɓarayi da ƙafarsa ba zai dawo ya ce shugabansu ya tilasta shi ba. Sannan sashen ya cire kisan kai ƙarara: ko da bindiga a kanka, ba a ba ka damar fansar ranka da na wani ba. Masu suka na cewa wannan neman jarumta ne daga mutumin da ba jarumi ba. Haka ne, sai dai in aka buɗe ƙofar, kowane yaron daba ya samu amsa a shirye, shugaban da ya aike shi kuma ya samu makami da doka ta wanke tun kafin a yi aikin.

Taɓin hankali ya juya tambayar zuwa cikin kai. Tushensa ƙa'idar M'Naghten ce ta Ingila a 1843, kuma sashe na 51 ya ɗauke ta: cutar ta kai mutum bai san mene ne yake yi ba, ko bai san laifi ne ko saɓa doka ba, a lokacin da ya yi. Saurayin da ya daɗe yana jin muryoyi ya sari maƙwabcinsa yana ganin kura ce, ya tsaya a wurin yana kiran mutane su zo su gani, ya shiga cikin wannan kariya. Wani mai katin asibiti iri ɗaya da ya jira dare, ya wanke addar, ya jefa ta rijiya, ayyukansa sun shaida ya san abin da ya yi. Kundin Kudu, a sashe na 28, ya ƙara rashin iya sarrafa kai, abin da na Arewa bai ambata ba.

A nan nauyin hujja ya koma kan wanda ake tuhuma, domin doka na ɗaukar kowa mai hankali ne, ko da yake rinjayen hujja kawai ake nema daga gare shi. Cewa "iska ce" ko "ba shi da dalilin yi" ba ya isa. Ana so a ji halinsa kafin ranar da bayanta daga bakin iyaye da maƙwabta, a ga takardun asibiti irin na Dawanau, Barnawa ko Kware, likitan ƙwaƙwalwa kuma ya duba shi da wuri. Iyalin da suka shekara biyar suna kai ɗansu wurin mai magani ba tare da kati ko ɗaya ba kan isa kotu hannu rabbana. Masu ganin wannan kariya hanyar zillewa ce su lura da sakamakonta: wanda ya yi nasara da kare kai ko tilastawa gida zai tafi, shi kuwa wannan umarnin tsarewa ake bayarwa, galibi ba tare da ranar fita ba.