Ni na rubuta, shi ya ci

Malam, ni ɗan Damari ne ta Birnin Gwari, ina karanta Faransanci a Zariya. Hutun da ya wuce a gida na yi shi, da fitilar caji na bi kundin karatun da aka raba mana, ina tsamo kalmomi ina jera su a wani littafi da ma'anarsu da Hausa. Da muka koma, abokin ɗakina ya ari littafin ya kai aka yi masa hoto. Shi ya ci jarrabawa, ni na faɗi. Ko na gode bai ce ba, Malam, kuma gumina ne. Har yau in na ga littafin zuciyata tafasa take. In tunkare shi ko in ƙyale?
Ɗanka a Damari

Ɗana, ka bar maganar tunkara, ba za ta ƙara maka maki ko ɗaya ba. Ba ka faɗa mini tambayoyin da suka kayar da kai ba, amma ka ce kalma da ma'anarta ka jera. Ina jimlolin? Nan ka cuci kanka.

Ɗauki ruwa. Na san ka rubuta l'eau, ka sa "ruwa" a gefe. To namiji ne ko mace? Wannan l' ɗin ya ɓoye jinsin, kai kuma Bahaushe ne, a bakinka ruwa namiji ne, ruwa "ya" yi sanyi. Ranar jarrabawa sai hannunka ya rubuta froid. Da ka kwafo jimlar da kalmar ta zo cikinta, misali L'eau est froide, da wannan e na ƙarshe ya riƙa tuna maka mace ce. Haka rana da wata: mu rana mace ce, wata namiji, su Faransawa kuwa le soleil namiji, la lune mace.

Saboda haka ka koma kundin nan. Kowace kalma ka ba ta jimlarta ɗungurungum daga inda ka gan ta, da lambar shafi, don ka iya komawa in ka yi shakka. In ta fito sau da yawa, zaɓi jimlar da ke fallasa jinsinta, in kuma aikatau ce, wadda ke nuna à ke bin ta ko de. Kada ka ƙirƙiro taka tukuna, kuskurenka za ka haddace.

Kalma goma a rana ta isa. Washegari rufe kalmar da yatsa, karanta jimlar, cike gurbin a rubuce. Ka maimaita bayan kwana uku, sannan bayan mako. Wadda ka kasa sau biyu ka sa mata alama, ka nemo mata jimla ta biyu daga wani shafin. Ka fara yanzu, kafin a tura ku Ƙauyen Faransanci na Badagry, inda da baki za a buƙaci jimlolin nan.